Rufin Masallaci da Rufin Asirin Jama'a: Yadda Ake Sanarwar Neman Taimakon Gyara

Idan masallacin unguwa ya fara yoyo, ba a gardama a kan ko za a gyara. Kowa ya ga bokitin da aka tara a sahun gaba, kowa ya ji warin darduma da ta jiƙe. Inda ake samun matsala shi ne ranar da wani zai miƙe bayan sallame salla ya ce, "Jama'a a ɗan dakata, akwai sanarwa." A cikin mintuna uku da za su biyo baya, ana iya tara kuɗin rufi, ana kuma iya korar mutum daga jam'i ba tare da an sani ba.

Na taɓa ganin haka da idona. A wani masallaci da nake salla an raba kuɗin gyara a kan kowane magidanci, aka liƙa takarda a bakin ƙofa da sunayen mutane, wanda ya biya a yi masa maki. Akwai wani dattijo, tsohon ma'aikaci da fansho ba ya isarsa, wanda shekara da shekaru shi ne a bayan liman. Bayan mako biyu muka daina ganinsa a Magariba da Isha'i. Ashe yana takawa zuwa wani masallaci mai nisa, da ciwon gwiwarsa, don kada ya wuce ta gaban takardar nan. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya tambaye shi kuɗi baki da baki. Takarda ce kawai. Tun daga lokacin nake ɗaukar lafazin irin wannan sanarwa da muhimmancin da nake ba lissafin kafinta.

Zan bi abin daki-daki da misali guda: masallacin salloli biyar, magidanta kusan 60 ke salla a cikinsa, kwanon rufinsa ya ci tsatsa, katakon da ke ƙasa gara ta taɓa shi, silin ya fara zubowa.

Mataki na farko: a gama lissafi kafin a buɗe baki

Yawancin sanarwar da ke matsa wa talaka, mai yin ta ba mugu ba ne. A tsorace yake. Bai san nawa ake nema ba, bai san ko za a samu ba, sai tsoron ya fito a muryarsa ya zama faɗa. Maganin wannan shi ne kwamiti ya kira kafinta biyu ko uku su hau su duba, kowa ya rubuta nasa lissafin, a zaɓi ɗaya. Mu ɗauka wanda aka amince da shi ya ce: kwano bandir 8, kowane bandir naira 90,000, ya kama 720,000, katako 310,000, ƙusa da tarkace 60,000, silin 250,000, kuɗin aiki 260,000. Jimla naira 1,600,000. A asusun masallaci akwai 400,000. Abin da ya rage 1,200,000.

A nan ne wani a kwamiti zai ɗauko waya ya raba 1,200,000 gida 60, ya ce, "Ai kowa dubu ashirin ne kawai." Kada a yarda wannan lissafin ya fita daga ɗakin taron. Dubu ashirin ga mai shagon kayan masarufi cinikin safiya ne, ga mai turin ruwa ko mai gadi kuwa abincin iyalinsa ne na kwanaki. Da zarar an furta adadi a kan kowane kai, sadaka ta koma haraji, wanda bai iya ba kuma ya zama mai bashi a masallacin da yake salla.

Abin da ya kamata a yi da ragowar shi ne a fara bin masu hali a gidajensu ko shagunansu, mutum biyu daga kwamiti, a natse, kafin sanarwar fili. A haɗa da 'yan unguwa da suka koma Abuja ko Legas amma iyayensu na nan. Idan mutum shida ko bakwai suka ɗauki 800,000, mai sanarwa zai miƙe yana neman 400,000 daga jama'a. Muryar mai neman 400,000 da aka riga aka share masa hanya daban take da ta mai neman miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu daga sahun da rabinsa 'yan ga-ruwa da 'yan acaɓa ne.

A kuma raba aikin kashi biyu tun yanzu: kwano da katako sai an yi su kafin damina, silin zai iya jira. Amfanin wannan zai zo a gaba.

Mataki na biyu: wa zai yi magana, kuma yaushe

Na fi son liman ya yi buɗewa da aya ko hadisi a taƙaice, sannan ma'aji ko sakatare ya faɗi lissafi. Dalili kuwa, maganar liman tana da nauyin fatawa a kunnen jama'a. In shi ya ce "a kawo kaza," wasu za su ji kamar wajibi ne, ko su ci bashi. Kada kuma a ba wa mai kuɗin unguwa sanarwar, ko da shi ne shugaban kwamiti, domin a cikin sahu akwai masu haya a gidansa da yaran shagonsa, kuma a bakinsa roƙo yana zama umarni.

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar ruwa yakan fara sauka wajen Mayu zuwa Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta. Don haka sanarwar gyaran rufi ta Fabrairu ko Maris ce. Wanda ya bari sai hadari ya haɗu, dole ya yi ta cewa "cikin gaggawa," ita kuwa gaggawa mai ƙaramin ƙarfi take fara dannewa, tunda shi sai ya tara a hankali. A guje wa makon komawar yara makaranta da kwanakin da ake neman ragon layya. A karkara, bayan kaka ya fi.

Kada sanarwar ta wuce minti uku, kuma a fara da ba mai uzuri izinin tafiya. Na ga inda ake sa matasa su tsaya a bakin ƙofa "don kada a watse." Wannan kaɗai ya isa ya ɓata komai. A kashe lasifikar waje ma, maganar ta 'yan cikin masallaci ce.

Mataki na uku: gina maganar

Ƙa'idar da nake bi ita ce, a ɗora buƙatar a kan ginin, kada a ɗora ta a kan mutane. "Kwano ya huje wuri tara" magana ce a kan rufi. "Mun zuba ido ɗakin Allah yana lalacewa" tuhuma ce a kan jama'a. Duk biyun suna neman kuɗi ɗaya, amma ta biyu tana sa wanda aljihunsa ba kome ya sunkuyar da kai.

Jerin maganar shi ne: abin da ya lalace, abin da zai ci, abin da ke hannu, hanyar bayarwa, sai sauke nauyi daga wanda ba shi da hali, sannan addu'a ga kowa. Sauke nauyin nan sai an faɗe shi ƙarara, da cikakkiyar jimla, a tsakiyar maganar. In aka bar shi ya zama "wanda kuma ba shi da shi, to shi ke nan" a ƙarshe ana naɗe takarda, ya zama kamar an yafe wa mai laifi.

Yana da tushe mai ƙarfi a addini, kuma ya kamata mai sanarwa ya san shi don ya faɗe shi da yaƙini. A lokacin shirin yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, wanda ya fi gyaran kowane rufi tsanani, Allah Ya saukar a Suratut Tauba, aya ta 91, cewa babu laifi a kan raunana da marasa lafiya da waɗanda ba su samun abin da za su ciyar, matuƙar sun yi wa Allah da ManzonSa gaskiya. Aya ta 79 ta wannan sura kuma ta yi tir da masu zunɗen waɗanda ba su da abin bayarwa sai iyakar ƙoƙarinsu. Bukhari ya ruwaito cewa mafificiyar sadaka ita ce wadda aka yi bayan wadata, kuma mutum ya fara da waɗanda yake ciyarwa. Ma'ana, magidancin da ya riƙe dubu biyunsa ya sayi garin tuwon dare, bin sunna ya yi. Akwai kuma hadisin da ke cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa, wanda daga gare shi malamai suka yi gargaɗi a kan abin da aka karɓa ta hanyar sa mutum jin kunya. Wannan ya shafi kwamiti kai tsaye: wa zai so a rufa masallaci da kuɗin da mai shi ya miƙa zuciyarsa na ƙuna?

Ba ina cewa kada a kwaɗaitar ba. A hadisin Jarir ɗan Abdullahi da Muslim ya ruwaito, da wasu mutanen ƙabilar Mudar suka zo Madina cikin tsananin talauci, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tara jama'a ya nemi a yi sadaka a fili. Sai dai a lura da yadda ya jero abin bayarwa: dinari, dirhami, tufafi, sa'in alkama, sa'in dabino, har ya sauko kan tsagin dabino. Ya saukar da matakin ƙasa har kowa ya iya takawa. Haka hadisin gina masallaci: bayan ruwayar Bukhari da Muslim daga Usmanu ɗan Affan cewa wanda ya gina masallaci don Allah, Allah zai gina masa gida a Aljanna, akwai ruwayar Ibnu Majah da ta ƙara da cewa ko da kamar gurbin da tsuntsuwa ke yi wa ƙwanta ne. In za a kawo hadisin a gaban sahu mai gauraye da mawadata da matalauta, a kawo shi da wannan ƙarin.

Ga yadda sanarwar misalinmu za ta iya kasancewa:

"Assalamu alaikum. Iyayenmu da 'yan'uwa, minti biyu za mu ɗauka, wanda yake da uzuri ya tafi abinsa, babu komai. Kun ga yadda rufin nan ya yi a daminar bara. Kafinta ya hau ya duba, ya ce kwanon da katakon sai an sauya. Aikin gaba ɗaya naira miliyan ɗaya da dubu ɗari shida ne, takardar lissafin tana wajen ma'aji ga duk mai son gani. Akwai dubu ɗari huɗu a asusu, wasu bayin Allah kuma sun ɗauki dubu ɗari takwas, Allah Ya saka musu. Saura dubu ɗari huɗu, kuma muna fatan a hau aiki kafin ruwan farko. Ba a yanka wa kowa komai ba, ba za a rubuta sunan kowa ba, babu wanda zai zo gidan wani karɓa. Mun san halin da ake ciki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wanda abin da ke hannunsa na abinci ne ko magani ko makarantar yara, don Allah ya riƙe, iyalinsa su ne a gaba, kuma masallacin nan nasa ne kamar na kowa. Wanda Allah Ya hore wa, ga akwati a bayan ƙofa, lambar asusun banki kuma tana jikin allo. Ranar Asabar ta sama za a sauke tsohon kwano, muna neman hannu, babba da yaro. Allah Ya karɓa daga wanda ya bayar, Ya ba wanda ya yi niyya ladan niyyarsa, Ya buɗa mana baki ɗaya."

A lura ba a ce "talakawanmu" ko "marasa ƙarfi a cikinmu" ba. Da an faɗi haka, idanu za su fara juyawa, kowa ya san wa ake nufi. An ambaci hali, abinci da magani da makaranta, wanda zai iya samun kowa a wannan watan, har mai albashi.

Akwai kalmomin da na ji sau da yawa waɗanda gara a bar su. "Ko naira ɗari biyar ce ai babu wanda zai rasa": akwai wanda zai rasa, kuma yana zaune a gabanka, yanzu ka gaya masa bai kai a ƙirga shi ba. "Kuna sayen kati da data amma ɗakin Allah ya gagare ku": wannan gori ne, kuma matashin da ake nufi ba zai ƙara bayarwa don an muzanta shi ba. "Duk mai imani na gaskiya zai sa hannu": an auna imani da aljihu. "Masallacin unguwar gaba har tayil sun sa": gasa ce, ba buƙata ba. Sai wanda ya fi yawa, "mafi ƙaranci dubu biyu." In ana so a nuna wa mutane cewa ƙaramin abu yana da amfani, a faɗi farashin kaya maimakon farashin mutum: bandir ɗaya falle 20 ne, ke nan falle ɗaya naira 4,500, kilon ƙusa kuma kaza, kuma mutum uku za su iya haɗuwa a falle ɗaya.

Kada kuma a ce "a kawo zakka." A mazhabar Malikiyya da wajen mafi yawan malamai, zakka ba ta shiga ginin masallaci, tana da masu ita guda takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. Na farkonsu su ne faƙirai da miskinai, wato mutanen da ke cikin sahun nan. In aka karkatar da ita zuwa kwano, haƙƙinsu aka taɓa.

Mataki na huɗu: kada hanyar karɓa ta rushe abin da baki ya gina

Ana iya yin sanarwa mai taushi, sannan a shimfiɗa darduma a gaban liman a ce a fara zubawa, ko a zaga da faranti sahu-sahu a tsaya a gaban kowa. Farantin da ya tsaya a gabanka daƙiƙa uku, maƙwabcinka na kallo, ya fi kowace kalma matsi. Akwati mai kwaɗo da 'yar ƙaramar kafa ya fi, a ajiye shi inda ake wucewa ba inda ake kallo ba, makulli biyu a hannun mutum biyu, a buɗe shi sau ɗaya a mako gaban shaidu uku. A sa wani akwatin a ɓangaren mata. Asusun banki ya zama da sunan masallaci, mutum biyu ke sa hannu, kada a yi amfani da na wani ɗan kwamiti komai amanarsa.

Batun shelar "Alhaji wane ya ba da dubu ɗari biyar" a yi kabbara, a nan nake da ra'ayi mai ƙarfi. Aya ta 271 ta Suratul Baƙara ta halatta bayyana sadaka, kuma na yarda a babban taron neman gudunmawa da aka gayyaci masu hali musamman, hakan kan sa wasu su yi koyi. Amma a masallacin unguwa bayan Magariba, inda babu wanda ya zo don wannan, kabbarar da aka yi wa dubu ɗari biyar tana sa mai naira ɗari biyu ya mayar da ita aljihu. A faɗi jimla, a bar sunaye. Wanda ya nemi rasit a ba shi a hannunsa. In akwai zauren WhatsApp na unguwa, a roƙi mutane kada su riƙa tura hoton shaidar biyansu a ciki, su tura wa ma'aji shi kaɗai, domin jerin hotunan nan shi ne takardar bakin ƙofa a wata siffa.

Aikin hannu yana buƙatar kulawa ta musamman. Sauke tsohon kwano, miƙa katako, kwashe dardumai, kawo ruwa, duk aiki ne na gaske da ke rage kuɗin lebura. Sahabbai da kansu suka yi dakon tubalin masallacin Madina, Annabi yana ɗauka tare da su. Amma in aka ce "wanda ba shi da kuɗi ya zo ya yi aikin ƙarfi," ranar Asabar ta zama ranar da za a gane waɗanda ba su biya ba. Shi ya sa a misalin sama aka kira kowa. Liman da shugaban kwamiti da masu shaguna su fara zuwa su naɗe hannun riga. Kafinta ko birkila ɗan unguwa kuwa kada a ce ya yi kyauta a gaban jama'a, sana'arsa ce abincinsa. A biya shi cikakke, in ya ga dama ya rage da kansa.

Mataki na biyar: sanarwa ta biyu da ta uku

Sau ɗaya a mako ya isa, a rana ɗaya sananniya, kuma ta zama rahoto: "An samu dubu ɗari da saba'in a makon nan, saura dubu ɗari biyu da talatin, an sayo katako yana nan a harabar." Mutane suna ƙara bayarwa idan sun ga kaya a ƙasa. Maimaita roƙo bayan kowace salla yana sa mutum ya ji ana binsa bashi sau biyar a yini.

Gwajin gaskiya yana zuwa a mako na huɗu, lokacin da akwati ya fara dawowa da 'yan canji kuma saura, mu ce, 150,000. A nan murya kan canja, a fara "wallahi abin kunya ne." Jama'ar sahu sun riga sun ba da abin da za su iya, ƙara matsa su ba zai fito da komai ba sai bashi. Nan ne rabon aikin da aka yi tun farko zai yi amfani. Silin 250,000 ne, a ɗage shi zuwa bayan damina, abin da ke hannu ya isa kwano da katako da kuɗin aiki har da ragowa. Sanarwar ta zama: "Alhamdu lillahi, abin da aka tara ya isa a rufe masallaci. Silin sai Allah Ya kai mu kaka." In ana son a ƙarasa gaba ɗaya, a koma wa mutum shidan farko a keɓe.

A cikin makonnin nan kwamiti ya sa ido a kan sahu fiye da akwati. In sallar da ake sanarwa a bayanta ta fara raguwa da mutane alhali sauran suna cike, in masu zama azkar sun koma tashi da sallama, in wani ya tare ma'aji yana ba da haƙuri da rantsuwa cewa wata bai ƙare ba, ko aka ji wani ya ci bashi ko matarsa ta sayar da akuya don "kuɗin masallaci," to maganar ta yi nauyi ko da lafazinta mai daɗi ne. Sai liman da kansa ya sake faɗa a fili cewa ba a bin kowa komai. Wanda aka daina gani kuma a je gidansa a gaishe shi, a tambayi lafiyarsa da ta iyali, kada a ambaci rufi ko da kalma ɗaya.

Ranar da aka gama, a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe har ƙusa, a faɗi inda kuɗin tsohon kwanon da aka sayar ya shiga, a liƙa takardar a allo. Sunayen da za su fito a jikinta su ne na kaya da farashinsu, sai sa hannun ma'aji da shaidu biyu a ƙasa.